Taƙaita Rubutacciyar Hira: Abin da Ake Zubarwa da Abin da Ake Tsarewa

1.0 Gabatarwa

Duk manazarcin da ya taɓa juyar da hira daga na'urar ɗaukar magana zuwa takarda ya san cewa baki ba ya tafiya kamar alƙalami. Mai magana yakan maimaita, ya yi ciko da "to" da "ka gane", ya yi ratse, sannan ya dawo kan zancensa. Wannan maƙala tana bayani a kan yadda ake fitar da gundarin irin wannan hira. Matsayinta shi ne: ba siffar kalma ke nuna ko za a zubar da ita ba, aikin da take yi a cikin zancen ne ke nunawa. Wanda ya share duk abin da ya yi kama da ciko, yakan wayi gari ya ɗora wa mutum maganar da bai faɗa ba.

2.0 Misalin Hira

A ƙaddara ɗalibi ya je marinar Ƙofar Mata a Kano, ya tattauna da wani dattijon marini, ya kuma rubuta wannan gaɓa kamar yadda ta fito:

Ɗalibi: Alhaji, kwana nawa karofi yake yi kafin a fara rini?

Marini: To, ka gane, wato shi karofi, idan ka zuba baba, ka zuba toka, ka zuba katsi, to, sai ka bar shi. Kwana uku... a'a, kwana uku a fara motsawa ke nan. Rini kam sai ya yi mako, in ana zafi. Da hunturu kuwa sai ka yi haƙuri, ka yi haƙuri, ka yi haƙuri. Ni ma shekarar da na fara riƙe karofi ni kaɗai, shekarar da aka bar fam aka koma naira, a shekarar aka yi bikin yayata, muka tafi har Bichi a mota, motar ta lalace a hanya. To, wai a da kakanninmu ba sa sayen baba, nomawa suke yi.

Ɗalibi: Ashe rinin zamani ne ya kashe sana'ar?

Marini: E to, haka ne, haka ne. Amma dai masu saye ne suka ragu.

Mai gaggawa zai iya taƙaita wannan da cewa: "Karofi yana nuna cikin kwana uku, kakannin marina noman baba suke yi, rinin zamani ne ya kashe sana'ar." Jimlar ta fita tsaf, amma kowane ɗaya daga cikin sassanta uku yana ɗauke da kuskure.

3.0 Ciko da Abin da Ya Yi Kama da Shi

"To", "ka gane" da "wato" na farkon amsar ciko ne na gaskiya. Dattijon yana tattara tunaninsa ne, kuma cire su ba ya rage komai. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a cire kalmar, a sake karanta jimlar, a tambayi kai ko abin da aka faɗa ko ƙarfin da aka faɗe shi da shi ya sauya.

Idan aka yi wa "wai" wannan gwaji, za a ga bambanci nan take. "Wai" tana nuna cewa mai magana ji ya yi, bai gani ba, kuma bai ɗauki alhakin ingancin labarin ba. Da aka share ta, sai labarin kakanni ya tashi daga ji-ta-ji-ta ya koma shaidar ganau. Haka nan "e to" ba ɗaya take da "e" ba, domin amincewa ce da ke ɗauke da jan ƙafa.

4.0 Maimaici Iri Biyu

Akwai maimaicin gyara, inda mai magana ya faɗi abu sannan ya janye shi. Marinin ya ce kwana uku, ya ce "a'a", ya mayar da kwana ukun ga fara motsawa, ya ba rini mako guda. A irin wannan wuri maganar ƙarshe ake ɗauka, tare da sharaɗin da ya biyo ta, wato "in ana zafi".

Akwai kuma maimaicin ƙarfafawa. "Ka yi haƙuri" sau uku ba rashin abin faɗa ba ne, hanya ce ta nuna tsawon jira. Taƙaitawa ba za ta maimaita ba, amma wajibi ne ta biya ma'anar da wasu kalmomi, ta ce lokacin yana ƙaruwa sosai da hunturu. Tunda bai ambaci adadin kwanaki ba, mai taƙaitawa ba shi da hurumin sanya adadi.

5.0 Ratse da Tambaya Mai Jan Baki

Bikin yaya da lalacewar mota ratse ne, ba su shafi rini ba. Sai dai kafin a zubar da ratse, a kakkaɓe shi tukuna, domin dattawa sukan ƙirga shekaru da manyan al'amura, ba da lamba ba. Nijeriya ta bar fam ta koma naira a 1973, don haka wannan ratsen ne kaɗai ya bayyana lokacin da marinin ya fara cin gashin kansa. A tsare wannan, a bar motar. A kuma nuna cewa lambar shekarar daga mai bincike ta fito.

Kuskure mafi muni yana cikin amsar ƙarshe. Batun rinin zamani daga bakin ɗalibi ya fito. Bahaushe kuwa yakan yi wa baƙo kara, ya ce "haka ne" kafin ya kawo nasa ra'ayin. Ra'ayin dattijon yana bayan "amma dai". Saboda haka ba a taƙaita amsa ba tare da duba tambayar da ta haife ta ba.

6.0 Taƙaitawar da Ta Dace

"Marinin ya bayyana cewa bayan an zuba baba da toka da katsi, ana fara motsa karofi a kwana na uku, a fara rini bayan mako guda a lokacin zafi, amma da hunturu jiran yana ƙaruwa sosai. Ya fara riƙe karofi shi kaɗai a shekarar da aka koma naira, wato 1973. Ya ji an ce kakanninsu noma baba suke yi maimakon saye. Da aka tambaye shi ko rinin zamani ne ya kashe sana'ar, ya amsa sama-sama, sannan ya danganta koma-bayanta da raguwar masu saye."

Ana tantance irin wannan aiki ta hanyar bin sawu. A sanya wa kowace gaɓa ta cikakkiyar hirar lamba da mintin da ta faɗo a sautin da aka ɗauka, sannan a nemo wa kowace jimla ta taƙaitawar gaɓar da ta fito. Jimlar da ta rasa gaɓa, ta mai taƙaitawa ce. Inda aka yi shakka, a koma a saurari muryar, domin takarda ba ta nuna dariya ko gatse.

7.0 Kammalawa

An ga cewa abin zubarwa na gaskiya a wannan gaɓa bai wuce "to" da 'yan'uwanta da labarin mota ba. Sauran, wato "wai", da gyaran baki, da sharaɗin yanayi, da abin da ya biyo bayan "amma dai", su ne suka riƙe ma'anar. Ma'aunin ƙarshe shi ne a karanta wa mai maganar taƙaitawar, a ji ko zai ce, "Abin da na faɗa ke nan."