Takardar sallama daga aiki: Inda ake tausasa harshe da inda ba a taɓawa

Mai kamfanin da tausayi ya kama kan rubuta wa ma'aikaci cewa "ka ɗan huta a gida har mu ga yadda hali zai yi." A ransa ya sallame shi, amma takardar ba ta faɗi haka ba. Ma'aikacin zai iya ɗaukar cewa dakatarwa ce, bayan wata uku ya dawo neman albashi, maganar ta kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Abubuwa uku ba sa karɓar kwana-kwana: cewa an kawo ƙarshen aikin, ranar da zai ƙare, da haƙƙoƙin da za a biya.

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya tsara mafi ƙarancin wa'adin sanarwa ga ma'aikatan da dokar ta shafa. Wanda ya yi wata uku ko ƙasa da haka, kwana ɗaya. Daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako ɗaya. Shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Biyar zuwa sama, wata ɗaya. Ba a lissafa ranar da aka miƙa sanarwar, kuma idan yarjejeniyar aiki ta tanadi wa'adin da ya fi wannan tsawo, shi za a bi.

A ɗauki misalin direban kamfanin ruwan leda da ya shekara uku, aka sayar da motar da yake ja. Idan ya karɓi takarda ranar 2 ga Yuni, sai a rubuta: "Mun kawo ƙarshen aikinka saboda kamfani ya rage motocinsa. Ranar 16 ga Yuni ce ranarka ta ƙarshe. A ranar za a biya ka albashinka da kuɗin hutun da ba ka ci ba."

Tausasawa tana zuwa ne kafin waɗannan jimloli da bayansu. A buɗe da sunansa da gaisuwa, a gode masa kan shekarun da ya yi, a rufe da sunan jami'in da zai tuntuɓa da tayin ba shi takardar shaidar aiki. A bar kalmar "kora", domin ta fi dacewa da wanda aka samu da babban laifi.

Sai dai a yi hattara da yabo. Idan rashin ƙoƙari ne dalilin sallamar, amma takarda ta kira shi "haziƙin ma'aikaci", to an miƙa wa lauyansa hujja. Haka nan alƙawarin "za mu dawo da kai" idan babu wannan niyya.

Kafin a sa hannu, a ba wanda bai san zancen ba ya karanta sau ɗaya. Idan ya kasa faɗin ranar da aikin zai ƙare, a sake rubutu.