Littafinka Ya Ce Kaza, Banki Ya Ce Kaza: Ina Naira 62,850 Ta Shiga?

Mu ɗauki misalin wani mai shagon kayan masarufi a kasuwar Singa ta Kano. Daren 30 ga Yuni ya rufe littafinsa na shiga da fita, lissafi ya nuna yana da naira 842,500 a banki. Washegari ya karɓo sitatimen, wato takardar da banki ke jera duk abin da ya shiga asusu da wanda ya fita, sai ya ga naira 905,350. Rarar naira 62,850 ke nan. Wani zai ce alhamdu lillahi ya ninke takarda. To amma akwai yiwuwar duka alƙaluman biyu ba su ne ainihin kuɗinsa ba.

Aikin na biro ne da haƙuri. A shimfiɗa littafi a dama, sitatimen a hagu, a bi su layi-layi. Duk kuɗin da ya bayyana a wuri biyun, adadi ɗaya, a yi masa alama nan da can. Abin da ya rage babu alama, a nan maganar take, kuma kashi biyu ne.

Kashi na farko shi ne abin da banki ya sani, littafi bai sani ba. Mutumin namu ya tarar da taransifa ta naira 45,000 daga wata mai saro kaya da yake bi bashi. Alat ya shigo yana tsakiyar awon shinkafa, bai rubuta ba. Ya kuma tarar da 'yan cire-ciren banki: kuɗin alat, kuɗin kula da asusu, cajin taransifa, da harajin nan na naira 50 da ke kan tura naira 10,000 zuwa sama. Ɗaya-ɗaya ba sa cika ido, amma da ya tara su sai ga naira 3,150. Na uku kuskurensa ne. Ya biya dila naira 63,000, hannu ya rubuta 36,000, an sami giɓin 27,000.

Duka ukun nan cikin littafi ake shigar da su, domin littafin ne ke da gyara. A ƙara 45,000 a kan 842,500, a cire 3,150, a cire 27,000. Saura naira 857,350.

Kashi na biyu kuwa littafi ya sani, banki ne bai kai ga gani ba. Ranar 28 ga wata ya rubuta wa mai kawo masa man gyaɗa cekin naira 120,000, shi kuma bai kai banki ba tukuna. Kuɗin na nan zaune a asusu, amma ba nasa ba ne, ajiya ce. Sannan akwai cekin naira 72,000 da wani mai gidan abinci ya ba shi, ya kai banki da yammacin 30 ga wata, bai faɗa asusu ba sai cikin Yuli. Waɗannan ba a taɓa su a littafi, tun da an riga an rubuta su. Wanda ya sake shigar da su ya ƙirga abu ɗaya sau biyu. A wata takarda daban ake lissafinsu: 905,350 a cire 120,000, a ƙara 72,000. Sai ga 857,350, daidai da littafi. Wannan ne kuɗin da zai iya shiga kasuwa da shi.

Idan lissafi ya ƙi haɗuwa, akantoci na da dabara biyu. A raba bambancin da 9; in ya rabu ba saura, kamar 27,000 ɗin nan, a nemi inda lambobi biyu suka yi musanyar wuri. Ko a raba shi biyu a nemi wannan adadin, domin kuɗin da aka rubuta a gefen shiga alhali na fita ne, ninkinsa yake nunawa. Abin da ba na so shi ne a gaji a rubuta “sauran kashe-kashe” don a toshe ramin. Bambancin naira 500 na iya zama manyan kurakurai biyu ne da suka kusa cinye juna.

Takardar nan ta kashi na biyu kada a yar da ita. Ƙarshen Yuli da ita za a fara, a duba ko cekin 120,000 ya fita, ko 72,000 ta shigo. Kuɗin da littafi ya ce an kai banki, mako ya zagayo bai bayyana ba, ya wuce jinkiri: ko cekin ya dawo babu kuɗi a asusun mai shi, ko alat ɗin da aka nuna maka a waya na bogi ne, ko kuma yaron da aka aika ya kamata ya kawo tila ɗin da banki ya buga wa hatimi. Cekin da ka bayar kuwa, in ya yi wata shida ba a kai shi ba, banki ba zai biya ba. Sai ka mayar da kuɗin cikin littafi, ka rubuta mai shi cikin masu binka bashi, ka kira shi ya zo ya karɓi sabo.