Lakar da ke cinye ƙazantar gari

A matatar ƙazamin ruwa, irin ta Wupa da ke Abuja, abin da ma'aikata suka fi tattali shi ne wata laka mai ruwan ƙasa da ke tafarfasa cikin manyan tankuna. Ba wuta ce ke tafasa ta ba, iska ce injuna ke cusa mata dare da rana. Lakar kuwa rai gare ta: dunƙulen ƙwayoyin bakteriya ce da sauran ƙananan halittu, waɗanda abincinsu shi ne ƙazantar da ta narke a ruwan bayan gida da na wanke-wanke.

Dabarar ta fito ne daga birnin Manchester na Ingila a 1914. Tun kafin lokacin an san idan aka yi ta hura iska cikin ƙazamin ruwa zai gyaru, amma sai ya ci makonni. Edward Ardern da William Lockett suka daina zubar da lakar da ke kwantawa bayan an gama. Suka riƙa tsiyaye ruwan sama, su zuba sabon ƙazamin ruwa a kan tsohuwar laka. Da lakar ta taru, aikin makonni ya koma na ƙasa da kwana guda. Duk wadda ta taɓa barin ɗan tsohon nono a ƙwarya don sabuwar madara ta yi saurin kamawa ta san sirrin.

Har yau tankuna biyu ne ginshiƙin aikin. A na farko ruwa yakan yi awa 4 zuwa 8 yana gauraye da laka da iska. Bakteriya na ƙone wani ɓangare na ƙazantar da iskar oksijin don samun ƙarfi, sauran kuma su gina jikinsu da shi su hayayyafa. A tanki na biyu babu motsi: laka ta kwanta, garai-garan ruwa ya malala ta sama. Mafi yawan lakar a mayar da ita tanki na farko, kaɗan a kwashe kullum, ta yadda kowace ƙwaya za ta yi kamar kwana 5 zuwa 15 kafin a fitar da ita. Idan komai na tafiya daidai, kusan kashi 90 cikin 100 na ƙazantar da ke ruɓewa ya tafi.

A ganina tanki na biyun nan ne zakaran gwajin dafi. Ƙwayar bakteriya ita kaɗai ba ta da nauyin nutsewa. Sai ta fitar da wani yauƙi ta manne da 'yan uwanta su zama curi, wasu bakteriya masu siffar zare kuma su zame wa curin ƙashin baya. Ƙwayoyin da suka ƙi shiga curi, akwai masu farautarsu: wasu halittu masu kama da ƙararrawa a kan sanda, da ke manne a jikin curin suna kaɗa gashin bakinsu suna zuƙe su. Mai kula da matata idan ya ga waɗannan da yawa a madubin ƙara girma, hankalinsa kwance yake.

Matsala tana tasowa ne idan masu zaren suka yi rinjaye. Zarurrukan su miƙo waje, su hana curi matsuwa da juna, laka ta kumbura ta ƙi kwanciya. Gane wannan ba ya buƙatar kayan tsada. A ɗebi lita ɗaya daga tanki na farko a kwalba mai awo, a ajiye minti 30. A ce busasshiyar lakar da ke cikin litar giram 3 ce, ta kuma kwanta a kan mililita 300. An raba 300 da 3, an samu 100, lafiya lau ke nan. Idan bayan mako biyu giram 3 ɗin nan ya mamaye mililita 600, lissafi ya zama 200, alhali daga 150 ake fara damuwa. Lakar za ta fara bin ruwa tana ficewa zuwa rafi, matata ta yi asarar ma'aikatanta, rafi ya sha ƙazanta.

Abin da za a fara dubawa shi ne oksijin, wanda ake so ya tsaya wajen miligiram 2 a kowace lita. Idan ya yi ƙasa, siraran zarurruka sun fi ƙwayoyin da ke tsakiyar curi iya kwasar ɗan abin da ya rage, sai su yi ta yaɗuwa. Ruwan da ya daɗe a bututu ya ruɓe, ko na masana'antar da ba shi da isasshen sinadarin naitirojin, shi ma yakan jawo haka. Wasu kan zuba ɗan kulorin a lakar da ake mayarwa don ya ƙone zarurrukan da suka leƙo waje, amma wannan maganin gaggawa ne, in ba a gyara dalili ba za su dawo. Hura iskar kuwa yakan cinye rabin wutar lantarkin matata ko fiye, shi ya sa inda wuta ba ta tsayawa janareta ya zama dole. Idan injuna suka daɗe a tsaye, laka takan yi baƙi ta fara warin ruɓaɓɓen ƙwai, farfaɗo da ita kuma yana iya ɗaukar makonni.