Yadda teku ke sassaƙa dutse, yake kuma gina harshen yashi

Daga Tasawa ko Mayahi zuwa bakin teku mafi kusa ya haura kilomita 800, amma ƴan kasuwa da direbobin jihar Maradi da suka saba zuwa Kwatano da Lome sun san gaɓar da idonsu. Da yawa sun dawo da labarin gidajen da ruwa ya cinye a gabashin waɗannan birane, alhali a yammacinsu yashi sai ƙaruwa yake. Abu ɗaya ne ke haddasa duka biyun. Igiyar ruwa tana ɗebe ƙasa a wani wuri, ta kai ta wani wuri ta jibge, kuma duk siffofin da ake gani a bakin teku, tun daga bangon dutse mai tsayi har zuwa siririn tudun yashi, sawun wannan jigila ne.

Daga gindi ake fara ci

Duk mai katangar ƙasa ya san inda damina ke fara yi mata lahani. Ruwan da ke kwanciya yana fantsama a gindinta shi ke rarake ta, har saman ya rasa abin dogaro ya rufto. Haka gaɓar kori ke zubewa a kwarin Gulbin Kaba bayan ruwa mai ƙarfi, kuma haka teku ke yi wa dutse, sai dai shi teku ba ya jiran damina. Idan igiya tana isowa gaɓa kowane sakan 10, a kwana ɗaya dutsen ya sha duka sau 8,640 ke nan, rani da damina.

Dukan iri biyu ne. Igiyar tana cusa ruwa cikin tsagar dutse, ta matse iskar da ke ciki, idan ta janye iskar ta buɗe da ƙarfi, tsagar ta ƙara faɗi. Sannan tana ɗaukar tsakuwa da yashi tana jifan gindin dutsen da su, suna goge shi kamar yadda dutsen niƙa ke cin ɗan uwansa. A hankali wani lungu ya samu a daidai inda ruwa ke kaiwa. Lungun na zurfafa, abin da ke samansa na rataye, ran nan sai ya karye ya faɗo. Igiya ta niƙe ɓaraguzan ta kwashe, ta sake kama sabon gindi. Shi ya sa bangon yake kasancewa a tsaye kyam kamar an yanka da wuƙa, yana ja da baya zuwa tudu. Irin wannan bango ake gani a Dakar, a wajen Mamelles da Cap Manuel.

Aikin yana da iyaka. Bangon da ya ja baya yakan bar shimfiɗaɗɗen fa a gabansa, wanda ke bayyana idan ruwan teku ya janye. Da fa ɗin ya yi faɗi, igiya kan fashe a kansa ƙarfinta ya ƙare kafin ta isa gindin bango, sai cin ya ragu. Mai lura zai iya gane bangon da teku ke ci har yanzu: gindinsa a share yake, fuskarsa sabuwa ce ba ciyawa. Wanda teku ya rabu da shi kuwa, tarin ɓaraguzai ya kwanta a gindinsa, tsirrai sun kama.

Kogo, ƙofa, ginshiƙi

Inda dutse mai tauri ya yi tsini ya shiga cikin teku, a nan dukan ya fi tsanani. Igiya takan rage gudu a ruwa marar zurfi, don haka idan ta doso tsinin sai ta lanƙwaso ta rungume shi ta gefe biyu. Duk inda akwai tsaga ko jijiyar dutse mai laushi, nan za ta rarake ya zama kogo. Idan kogon ya ɓulle ta ɗaya gefen, ko biyu suka haɗu a tsakiya, sai a sami ƙofar dutse mai baka kamar ta soron sarki, ruwa na wucewa ta ƙarƙashinta.

Ƙofar ba mai daɗewa ba ce a lissafin duwatsu, domin igiyar da ta huda ta ba ta daina cin ƙafafunta ba. A gaɓar Legzira, kusa da Sidi Ifni a ƙasar Maroko, ɗaya daga cikin manyan ƙofofin jan dutse da masu yawon buɗe ido ke zuwa kallo ta rufta a watan Satumba na 2016. A Malta ma wata shahararriyar ƙofa ta faɗa teku ranar 8 ga Maris 2017 lokacin wata guguwa. Sau da yawa rufin ne kawai ke faɗuwa, ƙafar waje ta tsaya ita kaɗai cikin ruwa kamar ginshiƙi, har ita ma a ci gindinta ta zama kututture.

Yashin da ba ya zama wuri ɗaya

Gaɓar Togo da Benin ba ta da irin waɗannan duwatsu, kusan duka yashi ce, kuma a nan ɗaya rabin aikin igiya ke fitowa fili. Igiyoyin wannan yanki daga kudu maso yamma suke zuwa, saboda haka a karkace suke hawa gaɓa. Ƙwayar yashi takan hau da igiyar a karkace zuwa gabas, amma idan ruwan zai koma sai ya gangara kai tsaye, ya sauke ta ɗan gaba da inda ya ɗauke ta. Igiya ta gaba ta maimaita. Taki ɗaya ba komai ba ne, amma a gaɓar Lome yashin da ke wucewa ta wannan hanya ya kai kimanin mita kubik miliyan ɗaya a shekara. Idan babbar motar yashi tana ɗaukar mita kubik 10, lodi 100,000 ke nan, wato sama da mota 270 kowace rana, duk suna bin hanya ɗaya zuwa gabas.

Da aka gina tashar jiragen ruwa ta Kwatano da ta Lome a shekarun 1960, dogayen katangun da aka shimfiɗa cikin teku sun tare wannan hanya. Yashi ya taru a yamma da su. A gabas kuwa igiya ba ta daina ɗiba ba, ga shi babu mai kawo mata sabo, sai ta koma cin ƙasar gari. Hanyar bakin teku da ke zuwa Aneho daga Lome sai da aka matsar da ita saboda haka, unguwannin gabashin Kwatano kuma suka yi asarar gidaje. Katangun duwatsu da aka jera daga baya suna riƙe yashi a inda suke, amma sukan tura yunwar zuwa maƙwabcin da ke gabansu. Wanda ya tsaya kusa da ɗayansu zai gane inda yashi ya nufa ba tare da an gaya masa ba: gefen da ya cika shi ne inda yashin ke fitowa.

Harshen Saint-Louis

Idan wannan yashi mai tafiya ya iso inda gaɓa ta karya kwana, ko bakin kogi, ba ya bin kwanar. Yakan ci gaba miƙe cikin ruwa yana zubewa, har tudun ya fito sama, gindinsa manne da ƙasa, kansa a cikin ruwa. Shi ne harshen yashi. Kansa yakan lanƙwashe kamar ƙugiya saboda igiyoyin da ke zagayo shi, bayansa kuma ruwa ya kwanta, laka ta taru.

Misali mafi shahara a Afirka ta Yamma yana Senegal, a gaban birnin Saint-Louis, ana kiransa Langue de Barbarie. A can igiya daga arewa maso yamma take zuwa, yashi na tafiya kudu. Harshen ya miƙe kusan kilomita 30, faɗinsa a wurare da yawa bai wuce ƴan ɗaruruwan mita ba. Kogin Senegal ya iso dab da teku, amma harshen ya tare shi, ya tilasta masa bin gefensa zuwa kudu kafin ya sami mafita. A kan wannan siririn yashi unguwar masunta ta Guet Ndar take zaune, teku a gabanta, kogi a bayanta.

A daminar 2003 kogin ya cika, ruwa ya fara shiga birnin, domin mafitarsa ta yi nisa. A farkon Oktoba hukumomi suka sa aka haƙa magudana mai faɗin mita 4 ta ratsa harshen, kimanin kilomita 7 kudu da gari. Ambaliyar ta sauka da sauri, kuma a wannan fuska dabarar ta yi aiki. Amma cikin ƴan kwanaki magudanar ta kai faɗin mita 200, bayan ƴan shekaru kuma da kilomita ake auna ta.

Dalilin bai da wuyar ganewa ga wanda ya fahimci tafiyar yashi. Kogin ya sami gajeriyar hanya mai gangara, ya bi ta da dukan ƙarfinsa yana yanke gefunanta. Ruwan teku ma ya riƙa shiga yana fita ta nan sau biyu a rana. Mafi muni, ƙofar ta raba harshen da abincinsa: yashin da ke zuwa daga arewa ya daina isa ɓangaren kudu, sai ya zube a bakin ƙofar ko ruwan kogi ya tura shi cikin teku. Ɓangaren kudu ya shiga halin da gabashin Lome ya shiga, igiya na ɗiba ba mai mayarwa. Gefen arewa yana ƙaruwa a hankali, na kudu yana zaizayewa da sauri fiye da haka, don haka ƙofar take faɗaɗa tana kuma matsawa kudu. Tsohon bakin kogin, da ruwa ya daina bi, yashi ya toshe shi.

Harshen dai ya sha ɓallewa da kansa a tarihi, amma inda aka yanke shi a 2003 ya bar ƙauyukan da suke fake a bayansa suna fuskantar teku kai tsaye. Mutanen Doun Baba Dieye sun tashi sun bar ƙauyensu ga ruwa. A yankin Gandiol, inda ake noman albasa da kayan lambu, gishiri ya shiga rijiyoyi da garake. Masuntan Guet Ndar sun sami gajeriyar hanyar fita teku, sai dai tudun yashin da ke ƙarƙashin ruwa a bakin ƙofar yana sauya wuri, igiya na fashewa a kansa, kuma jiragen masunta da dama sun kife a nan, an yi asarar rayuka masu yawa.