Ɗaukar mai tace bidiyo ba tare da an miƙa masa makullin tasha ba

Mai tashar YouTube da aiki ya yi wa yawa yakan fara neman mutum biyu: edita mai tace bidiyo, da mai zana hoton bango, wato ɗan hoton da ke jawo mai kallo ya danna. Kafin a ɗauki kowannensu, gara a ba shi aiki guda na gwaji, a biya shi, a ga irin hannunsa da yadda yake cika alkawari.

Yawancin saɓani daga umarnin baka yake tasowa. "Ka gyara ya yi kyau" ba bayani ba ne. A ce mai tashar girki ta ɗauki yadda ake miyar taushe na minti 40. Abin da za ta rubuta wa edita shi ne a mayar da shi minti 10, a fara da nuna miyar da ta nuna, sunan kowane kayan haɗi ya fito a rubuce da Hausa, a kawo ranar Alhamis. Ta kuma ja masa kunne kada ya ɗora waƙar wani, domin mai waƙar na iya karɓe kuɗin tallan bidiyon, kuma gargaɗin haƙƙin mallaka uku cikin kwana 90 na iya sa a rufe tasha. Shi kuwa mai zane a gaya masa girman hoton, 1280 da 720, da kalmomi uku ko huɗu manya, tunda a waya akasarin mutane za su gani.

Biya a kan kowane bidiyo ya fi albashin wata dacewa da ƙaramar tasha. Idan an yi ciniki a kan naira 20,000, misali, sai a ba da rabi kafin alƙalami, saura bayan an karɓi aiki. A kuma yanke tun farko cewa gyara sau biyu yana cikin kuɗin, na uku kuwa da nasa farashin.

Kalmar sirri ba a ba kowa, ko da ɗan'uwa ne, domin asusun Google ɗin da ke riƙe da tasha shi ne ke buɗe imel, kuma wanda ya shiga yana iya canja ta ya bar mai tasha a waje. Sau da yawa ma edita ba ya bukatar shiga, ya turo aikinsa ta Google Drive kawai. In dole sai ya ɗora da kansa, a buɗe YouTube Studio, a shiga Settings, sannan Permissions, a gayyace shi da nasa imel. Matsayin Editor (limited) yana ba shi damar ɗora bidiyo da canja hoton bango ba tare da ya ga kuɗin shiga ba. Manager kuwa yana iya goge bidiyo da shigo da wasu mutane, don haka ba na ɗan kwangila ba ne. Ranar da aka rabu da edita, a nan ake cire sunansa.