Kusurwa huɗu da igiya biyu: wasiƙar wani malamin lissafi zuwa ga uwayen yara

Wani alhaji ɗan kasuwa a Maraɗi ya miƙo mini wasiƙar da ɗansa ya kawo daga koleji, ya ce in karanta in gaya masa in malamin nan yana da gaskiya. Yaron yana ajin katiriyam. An ba su zane, aka ce su tabbatar da cewa rektangil ne. Ya ɗauki ma'auni ya auna, ya rubuta amsa daidai, aka ba shi maki 4 bisa 20. Da uwaye suka yi ta ƙorafi, sai malamin ya rubuto musu. Na karanta, na ga ya kamata masu karatunmu su ji abin da ta ƙunsa, musamman mai niyyar sayen fili ko kafa harsashin shago.

«Zuwa ga uwayen ɗalibaina, gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Bayan haka, na ji kukanku, kuma ban ga laifinku ba. Ku ba ni dama in bar allo in je wurin gini, domin can ne maganar za ta fi fitowa.

«A ce an sayar wa mutum fili mai metir 20 a gaba, metir 15 a kowane gefe. Magini ya kafa turaku huɗu, ya ja igiya daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a gicciye, ya sake ja ta ɗaya ɓangaren. Waɗannan igiyoyi biyu su ne muke kira diyagonal. Ya ga tsawonsu ɗaya, sai ya ce fili ya miƙe. Haka maginanmu suke yi, kuma galibi suna dacewa. Tambayar da nake yi wa yara ita ce: mene ne ya sa suke dacewa, kuma yaushe ne dabarar take cin amanar mai ita?»

Daga nan malamin ya rubuta hujjar, irin yadda yake so yaro ya rubuta ta. Mu sa wa turakun suna A, B, C, D, muna zagayawa. AB shi ne gaba, CD shi ne baya. Abin da aka sani abu uku ne: gaba da baya tsawonsu ɗaya, gefe da gefe tsawonsu ɗaya, igiyoyin gicciye AC da BD su ma tsawonsu ɗaya.

Matakin farko, a dubi zane biyu masu kusurwa uku, wato DAB da CBA. Gaban filin, AB, na su biyun ne. AD daidai yake da BC, BD kuma daidai yake da AC. Duk tiriyangil biyu da suka dace a gefe uku, to sun dace a kusurwoyi. Ke nan kusurwar A daidai take da kusurwar B.

Mataki na biyu, tun da gaba ya yi daidai da baya, gefe ya yi daidai da gefe, filin paralelogram ne: AD da BC suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba za su taɓa haɗuwa ba. A irin wannan zane, kusurwa biyu maƙwabta in an tara su suna ba da digiri 180. Kusurwa biyu masu girma ɗaya da suka haɗu suka yi 180, kowace 90 ce. Sauran biyun suna bin sawu. Magini ya yi gaskiya, kuma yanzu mun san dalili. A filin 20 bisa 15, kowace igiya za ta kai metir 25 cif, domin 400 da 225 sun yi 625, wanda shi ne 25 sau 25.

Inda wasiƙar ta fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya.

«Yanzu a ce magini ya auna gaba ya samu 20, ya auna gefe biyu ya samu 15 da 15, ya ja igiyoyin gicciye ya ga sun yi daidai, amma bai auna baya ba don yana ganin ba buƙata. Alhali bayan metir 18 ne, kowace turka ta baya ta shigo ciki da metir guda. Ku koma ga hujjarmu. Matakin farko yana nan daram: kusurwar A daidai take da ta B. Na biyu ne ya rushe, domin shi kaɗai ne ya dogara da cewa gaba da baya tsawonsu ɗaya. Kusurwoyin biyu sun yi daidai da juna, amma kowace kimanin digiri 86 ce. Igiyoyin sun yi daidai da juna, amma kowace metir 24 ce da kusan santimetir 19. Wannan zane sunansa tarapez. Faɗinsa kimanin metir murabba'i 284 ne a maimakon 300. Metir 16 sun tafi, ɗaki guda ke nan mai metir 4 bisa 4.»

Digiri huɗu a fili mai ciyawa da tarin yashi, ido ba ya kama su. A cikin kaye, inda zanen bai wuce tafin hannu ba, abin ya fi ɓoyewa: in aka zana filin da santimetir 4 a gaba, kowace turka ta baya milimetir biyu kawai za ta shigo. Shi ya sa malamin ya ƙi karɓar «ga shi ana gani». Awo yana ba da labarin zane guda, shi ma da ɗan kuskuren hannu da kaurin fensir. Hujja kuwa tana magana a kan kowane fili da ya cika sharuɗɗan nan uku, na Zinder ne ko na Tahoua, babba ko ƙarami.

To, me ya sa dole sai an rubuta, ba a bar yaro ya faɗa da baki ba? Amsarsa gajera ce. Yaron da ke magana yakan tsallake mataki bai sani ba, mai sauraro ma ya gyaɗa kai. A takarda, kowane layi sai ya nuna inda ya samo ƙarfinsa, ko daga abin da aka bayar, ko daga ƙa'idar da aka riga aka tabbatar. Kuskuren da ya ce ya fi gani shi ne yaro ya rubuta «tun da ABCD rektangil ne» a layin farko, ya ɗauki abin da ake nema ya mai da shi jari. Ɗan kasuwa ya san wannan: kamar mutum ne ya rubuta bashin da ba a biya shi ba a cikin kuɗin da ke akwati.

Wannan tsari ba Faransawa suka ƙirƙiro shi ba, ko da yake ta hannunsu ya iso makarantunmu. Uklidis ne ya tsara shi a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, aka fassara littafinsa da Larabci a Bagadaza zamanin Haruna Rashid.

A ganina malamin ya yi tsanani da maki 4. Yaron da ya iya awo ba fanko ba ne. Amma shi ma bai raina awo ba. Ya ce hujja ba ta san ko igiya ta saki ko ƙasa tana da gangare. Aikinta ta gaya maka abin da za ka auna, wato gefe huɗu da gicciye biyu. Abin da ya roƙi uwaye ƙarami ne, ko wanda bai yi lakkol ba zai iya: in yaro ya gama aikinsa da dare, a ɗora yatsa a kan layi guda, a ce masa ya bayyana da Hausa daga ina ya san wannan.

Alhajin ya karɓi wasiƙarsa, ya linke, ya tambaye ni ko ina da dekametir a gida.