Raguwar Ƙarfin Wuta a Doguwar Waya: Yadda Ake Zaɓar Kaurin Wayar Famfon Burtsatse

Babu wayar da ke bari wutar lantarki ta bi ta cikinta kyauta. Ko jan ƙarfe, wanda yake cikin ƙarafan da wuta ta fi saurin bi, yana da 'yar turjiyarsa, kuma wannan turjiya tana ƙaruwa da tsawon waya, tana raguwa da kaurinta. A cikin gida, inda tsakanin mita da soket bai wuce 'yan taku ba, abin bai kai a damu da shi ba. Amma idan famfon burtsatse, wanda masu aikin ke kira sumo, yana can ƙarshen gona ko bayan gari, wutar da ta baro janareta da ƙarfinta sai ta isa a gajiye. Kamar dogon siririn tiyo ne a lambu: ruwa ya shiga da ƙarfi, ya fita a ɗaya bakin yana tsiyaya.

Ana auna ƙarfin turin wuta da bolt, yawan wutar da ke gudana da amfiya, turjiyar waya kuma da om. Bolt ɗin da ke ɓacewa a hanya shi ne amfiya sau om. Turjiyar kuma ana samun ta daga abu uku: irin ƙarfen, tsawon wayar a mita, da kaurinta a murabba'in milimita, wato lambar nan da ake faɗa a kasuwa, 2.5 ko 4 ko 6 ko 10. Wayar jan ƙarfe mai kauri 1 da tsawon mita 1 tana da turjiyar kusan om 0.0175. Ga famfo mai layi ɗaya, ana rubuta lissafin haka:

```
R = 0.0175 × 2L ÷ A
V = I × R
P = I × I × R
```

L shi ne nisa a mita, A kaurin waya, I amfiyar da famfo ke ja, V bolt ɗin da ya ɓace, P kuma wutar da ta zama zafi a cikin wayar, wadda ake aunawa da wat. An ninka nisan sau biyu ne domin wuta tana tafiya ta waya ɗaya ta dawo ta ɗaya. Nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren farko, su lissafa zuwa su manta da dawowa.

A ɗauki famfo mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, mai aiki da bolt 230, wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana jan amfiya 8. Daga ɗakin janareta zuwa bakin rijiya mita 250 ne, famfon kuma yana rataye a zurfin mita 50. Wannan zurfin ma waya ce, dole a saka shi a lissafi. Nisa ya zama mita 300, zuwa da dawowa mita 600.

Mai shagon kayan wuta zai iya cewa waya mai 2.5 ta isa har ta yi yawa, tunda tana ɗaukar amfiya 20 ko kusa da haka ba tare da ta yi zafin da zai lalata robarta ba. Gaskiya ya faɗa, amma ya amsa wata tambayar ce daban. Tambaya biyu ake yi wa waya: shin za ta ɗauki wutar ba ta ƙone ba, kuma shin za ta kai wutar da ƙarfinta? A gajeriyar waya ta farko ce ke yanke hukunci. A doguwa kuwa, kusan kullum ta biyu ce.

Turjiyar mita 600 ta waya mai 2.5 om 4.2 ce. Idan amfiya 8 ta bi ta cikinta, bolt 33.6 ya tafi, kusan kashi 15 cikin ɗari, famfo ya samu bolt 196 kacal. Wutar da ke zama zafi a hanya ta kai wat 270. Abin da ke yaudarar mutane shi ne wannan zafi ya bazu a kan mita 300, kowace mita ba ta samu ko wat ɗaya cikakke ba. Mutum zai taɓa wayar ya ji ta lafiya lau, bireka ba ta faɗi ba, babu warin ƙuna, alhali motar famfon tana can cikin ruwa tana wahala.

Dalilin wahalar shi ne motar famfo ba kamar ƙwan fitila take ba, wanda idan wuta ta yi ƙasa sai ya dushe kawai. Ita mota nauyin ruwan da take ɗagawa bai canza ba, don haka idan bolt ya ragu sai ta ƙara jan amfiya domin ta cike giɓin. Ƙarin amfiya yana ƙara asarar bolt a waya, ya kuma ƙara zafi a naɗin koyil, zafin kuwa shi ke cinye fentin da ya raba zaren koyil da juna. Motoci da yawa an ƙera su ne su jure bambancin kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa, wasu ma ƙasa da haka. Bolt 196 ya riga ya fita daga wannan iyaka.

Lokacin tashi ya fi muni. A daƙiƙar da aka kunna ta, mota tana neman ninki biyar zuwa bakwai na amfiyar da take ja idan ta daidaita. A kan wannan siririyar waya, bolt ɗin da zai isa gare ta a wannan lokaci zai iya faɗuwa zuwa wajen 140. Ƙarfin juyawar mota kuma yana raguwa fiye da yadda bolt ya ragu, domin bolt sau bolt yake bi. Idan bolt ya koma rabi, ƙarfin juyawa rubu'i yake komawa. A bolt 140, abin da ya rage mata bai kai kashi biyu cikin biyar ba. Shi ya sa ake jin famfo yana gurnani ya kasa tashi, ko ya tashi yau ya ƙi gobe. A canza kafasita, a kai motar a sake mata naɗi, a dawo da ita kan wayar da ta kashe ta, bayan 'yan watanni ta sake ƙonewa.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada asarar ta wuce kashi 5 cikin ɗari ga injina, wato bolt 11.5 a layin 230. Daga nan sai a juya lissafin a nemo kauri: 0.0175 sau 600 sau 8, a raba da 11.5, ya ba da 7.3. Babu waya mai 7.3 a kasuwa. Akwai 6, akwai 10, kuma sama ake hawa, ba a sauka. Mai 4 za ta zubar da bolt 21, mai 6 ta zubar da 14, duk sun wuce iyaka. Mai 10 bolt 8.4 kawai take ci, ƙasa da kashi 4 cikin ɗari, zafin da take ɓatawa kuma wat 67 ne. Ragin da ta bari yana da amfani, domin turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin ɗari duk lokacin da zafinsa ya hau da digiri 10, kuma wayar da ta wuni a ranar bazara ba ta cikin sanyin da aka auna lambar 0.0175 a cikinsa.

Ba dole ba ne kaurin ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Ana iya shimfiɗa mai 10 a mita 250 na saman ƙasa, a saukar da mai 4 irin wadda aka yi domin zama cikin ruwa a mita 50 na rijiya. Kashi na farko om 0.88, na biyu om 0.44, jimillar asara bolt 10.5, har yanzu cikin iyaka. Wanda ya zaɓi alminiyam saboda araha sai ya tuna turjiyarsa ta kai 0.028, don haka inda jan ƙarfe mai 10 ya isa, alminiyam mai 16 ake bukata, kuma ba a murɗe shi da jan ƙarfe kai tsaye, sai da mahaɗin da aka yi domin haɗa ƙarafan biyu, in ba haka ba wurin ya ci tsatsa ya riƙa zafi.

Waya mai kauri tana da tsada, babu musu, amma siririyar ma ana biyan kuɗinta kullum. Bambancin asara tsakanin mai 2.5 da mai 10 wajen wat 200 ne. Idan famfo yana aiki awa shida a rana, yunit 1.2 ke nan, a shekara kusan yunit 440 da aka biya a mita ko aka ƙona a fetur ba tare da sun ɗaga ko cokalin ruwa ba. Ba a ma saka kuɗin zaro famfo daga rijiya da sake naɗi ba.

Inda akwai layi uku mai bolt 400, lissafin yana sauƙaƙa sosai. Famfo mai irin wannan ƙarfi a layi uku wajen amfiya 3 yake ja, kuma maimakon a ninka nisan sau biyu, sau 1.73 ake ninka shi. A kan mita 300 ɗin nan, waya mai 2.5 bolt 11 za ta ci daga cikin 400, bai kai kashi 3 cikin ɗari ba. Inda babu layi uku, matsar da janareta kusa da rijiya yakan fi sayen ɗaruruwan mita na kakkaurar waya sauƙi.

Gane matsalar a famfon da aka riga aka kafa aikin ma'aikacin wuta ne mai mitar awo, kuma sharaɗinsa ɗaya: a auna famfo yana aiki. Idan famfo a kashe yake, babu amfiyar da ke gudana, babu asara, mita za ta nuna cikakken bolt a bakin rijiya ko da wayar siririya ce kamar zare. Sai an kunna, a auna a tushen wuta, a auna a bakin rijiya, a ɗebe wannan daga wancan. Idan tushe yana 228, bakin rijiya yana 200, laifin waya ne. Idan tushen kansa ya faɗi zuwa 195 da zarar famfo ya tashi, janareta ne ya yi ƙarami ko wutar unguwa ce mai rauni, kuma kakkaurar waya ba ta ƙara bolt ɗin da babu shi. A irin wannan wuri ma kashi 5 ya yi yawa, gara a matse zuwa 3.

Wani lokaci awon yakan nuna asarar da ta fi lissafi. Abu biyu ake fara zargi. Na farko mahaɗai: doguwar waya yawanci guntu-guntu aka haɗa, kuma mahaɗin da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif yana ƙara tasa turjiyar, ana gane shi da ɗumi ko baƙin da ya yi. Na biyu wayar da ba ta cika kaurin da aka rubuta a jikinta ba, ko alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe, wanda idan an kankare zarensa da wuƙa fari ke bayyana a ciki. Tun a shago ana iya gwadawa: zare ɗaya na jan ƙarfe mai 2.5 da tsawon mita 100 ya kamata ya nuna wajen om 0.7, bayan an ɗebe turjiyar wayoyin mitar kanta. Idan ya nuna 1.1 ko fiye, ko dai ƙarfen ba jan ƙarfe zalla ba ne, ko kuma kaurin na mai 1.5 ne aka rufe da roba mai kauri.